Yadda nake koya wa ɗalibai I da me, da kuma who da whom, mataki-mataki

Wata rana ina makin takardun 'yan SS2, aikin rubuta wasiƙa na ba su, sai na ci karo da wata yarinya da ta rubuta wa ƙawarta *this secret is between you and I*, yarinyar nan kuwa tana cikin ukun farko a aji, ba ta wasa da Turanci ko kaɗan. Da na kira ta na ce ke me ya sa kika sa *I* a nan, sai ta ce "Malam ai tun a firamare aka ce mana ba a cewa *you and me*, wai rashin iya Turanci ne." Toh wannan amsar tata ce ta sa na canza yadda nake koyar da darasin gaba ɗaya, saboda na gane yarinyar ba sakaci ta yi ba, biyayya ta yi ga gyaran da aka yi mata ba tare da an gaya mata dalili ba. Abin da zan kawo a nan shi ne tsarin da nake bi yanzu, malami zai iya ɗauka ya shiga aji da shi, ɗalibi mai shirin WAEC ko NECO ko JAMB ma zai iya bi shi kaɗai.

Mataki na farko: fara da Hausa, kar ka fara da Turanci

Kafin in rubuta ko kalma ɗaya ta Turanci a allo sai in rubuta waɗannan: "na ga Audu", "Audu ya gan ni", "Audu ya saya mini". Sai in tambayi yara, wa ake magana a kai a duka ukun, su ce ni ne, in ce to me ya sa a farko aka ce "na", a na biyu "ni", a na uku "mini", alhali mutum ɗaya ne? Nan take za ka ga sun fara gane cewa wakilin suna yana canza riga ne gwargwadon aikin da yake yi a jimla. In shi ya yi aikin, wato aikau, rigarsa daban. In a kansa aikin ya faɗa, wato karɓau, rigarsa daban. Ba wani yaro Bahaushe da zai ce "Audu ya gan na", kunnensa ba zai yarda ba, kuma wannan kunnen shi muke so mu gina masa a Turanci.

In yaran sun taɓa karatun nahawu a islamiyya to aikinka ya ma yi sauƙi, ka ce musu i'irabi ne, marfu'i da mansubi da majruri. Fa'ili yana ɗaukar rufu'a, maf'uli yana ɗaukar fataha, abin da ya biyo bayan harafin jarri kuma kisira. Turanci ma a da can haka yake, kafin Normandawa su ci Ingila a 1066 sunaye da kansu suna canza ƙarshe gwargwadon matsayinsu a jimla, sannu a hankali abin ya zube, yanzu a wakilan suna kawai ya rage sosai. Kuma ba su da yawa, shida ne kacal, sai ka jera su layi biyu a allo:

*I, he, she, we, they, who* a layin sama.
*me, him, her, us, them, whom* a layin ƙasa.

Layin sama na aikau ne. Layin ƙasa kuma Turanci ya haɗe mansubi da majruri wuri ɗaya, wato ana amfani da shi a wuri biyu, bayan aikatau kamar *she saw him*, da kuma bayan ƙananan kalmomin nan da ni nake kira haruffan jarri na Turanci, irin su *to, for, with, from, about, between*. Iyakar ƙa'idar kenan fa, duk sauran darasin koyon gane wuri ne kawai. Ka sa *who* da *whom* a cikin jerin tun yanzu ko da ba ka iso kansu ba, don idon yaro ya saba da ganin *whom* a ƙarƙashin *who*, kusa da *him* da *them*.

Akwai abu ɗaya da ya kamata ka nuna musu a nan: *you* ba ya cikin jerin, saboda ba ya canzawa, ko aikau ne ko karɓau *you* ne. A da akwai *ye* na aikau da *you* na karɓau amma *you* ya cinye duka biyun. Ka riƙe wannan, zai yi mana amfani yanzun nan.

Mataki na biyu: daga ina matsalar between you and I ta fito

Yaro ƙarami, ko a Ingila ko a nan, yakan ce *me and Musa went to the market*. Malami sai ya daka masa tsawa ya ce *Musa and I*! Gyaran daidai ne a wannan jimlar don su biyun su suka yi tafiyar, aikau ne. Amma abin da yaron ya ɗauka ya tafi da shi gida ba "aikau ne shi ya sa" ba ne, abin da ya ɗauka shi ne duk inda aka ga *and* to *I* ne yake biyo baya, kuma *me* kalmar marasa ilimi ce. Shekara biyar ana maimaita masa haka, to ranar da zai rubuta *the principal called Musa and me* sai hannunsa ya ƙi, ya rubuta *Musa and I*, yana ganin ya yi Turancin manya. Shi ya sa za ka lura wannan kuskuren ba a bakin waɗanda ba su yi boko ba yake, a bakin masu digiri yake, a wajen taro, a jawabin biki, a wasiƙar ofis, wajen da mutum yake ƙoƙarin ya gyara harshensa.

Sannan ga *you* ɗin nan da ba ya canzawa. Da a ce jimlar *between him and ...* ce, da *him* ya tuna wa mutum cewa a layin ƙasa muke, amma *you* ba ya ba da wata alama, sai mutum ya isa bayan *and* ba tare da komai ya ja masa kunne ba.

Hausa ma tana da ɗan hannu a ciki. Mu "ni da kai" muke cewa ko'ina, "ni da kai za mu tafi", "an kira ni da kai", kuma "tsakanina da kai" gininsa daban ne gaba ɗaya, na mallaka ne kamar "gidana". Wato ɗalibinmu bai saba da cewa mutum biyu da aka haɗa da "da" za su canza siffa tare ba, don haka *you and I* sai ya zame masa dunƙule ɗaya kamar "ni da kai", ya ɗauke shi ya ajiye duk inda ya ga dama.

Gaskiya kuma ya kamata a faɗa wa manyan ɗalibai cewa abin ya daɗe, Shakespeare da kansa ya sa *between you and I* a wasiƙar Antonio cikin wasan The Merchant of Venice tun ƙarshen ƙarni na 16, kuma Turawa da yawa yau suna faɗa a hira ba wanda zai ɗaga kai. Amma ni ra'ayina a fili yake, mai makin jarrabawa da mai karanta takardar neman aiki *between you and me* suke jira, kuma yaron da iyayensa suka biya kuɗin rajista da ƙyar ba shi ne zai je yana jayayya da su ba.

Mataki na uku: gwajin rufe abokin tafiya

Wannan shi ne makamin da nake ba su, kuma da hannu ake yi ba da baki ba. Ka rubuta a allo:

*The teacher gave Amina and ___ a book.*

Ka kira yaro ɗaya ya zo ya sa tafin hannunsa ya rufe *Amina and*, ya karanta abin da ya rage da ƙarfi. *The teacher gave I a book*, duk aji za su yi dariya saboda kunnensu ya ƙi. *The teacher gave me a book*, shikenan. Ya ɗage hannu, amsar ba ta canza ba, *Amina and me*. Sai ka juya jimlar: *Amina and ___ gave the teacher a book*, a sake rufewa, *me gave* bai yi ba, *I gave* ya yi. Yana da muhimmanci ka kawo jimlolin biyun a jere a rana ɗaya, don in ka kawo ta *me* kaɗai to ka sake haifar da tsohuwar matsalar ta ɗaya gefen, su koma sa *and me* ko'ina.

Inda gwajin yake cijewa shi ne a kan *between* ɗin kanta, domin in ka rufe *you and* abin da zai rage *between me* ne ko *between I*, kuma duka biyun ba su da ma'ana tunda tsakani sai da abu biyu. Yara masu kaifi za su kama ka a nan in ba ka shirya ba. Mafita ita ce maimakon rufewa sai a dunƙule mutanen biyu su zama kalma ɗaya: *between we* ko *between us*? Kowa zai ce *us*. To *us* a wane layi yake, layin ƙasa, saboda haka duk waɗanda ke cikinsa ma 'yan layin ƙasa ne, *you and me*, *him and her*, *Musa and them*. Yarinyar nan da na faɗa a farko da wannan ta gane, ta tsaya shiru tana kallon allo sannan ta ce "au, Malam, ashe *between* ɗin ce take jan su duka biyun."

Wani abu da za ka gani bayan sati ɗaya shi ne wasu za su gudu daga zaɓin gaba ɗaya su fake da *myself*, su rubuta *please contact Musa or myself*. Gwajin rufewa yana kama wannan ma, *please contact myself* bai zauna ba. *Myself* daidai yake da "kaina", misali in ni na yi wa kaina abu, kamar *I cut myself*.

Mataki na huɗu: who da whom, kuma kar ka yi gaggawar isowa nan

Ni ba na taɓa *whom* sai na tabbata aƙalla yawancin aji suna cin gwajin rufewa ba tare da tunani ba, yawanci darasi biyu na minti 40 kenan. Dalili kuwa shi ne *whom* ba sabon darasi ba ne, *him* ne sanye da rigar tambaya, wanda bai zauna a kan *he* da *him* ba ba abin da zai tsinta a nan. Ka nuna musu harafin *m* a ƙarshen *him*, *them*, *whom*, ka ja layi a ƙarƙashinsa da alli mai launi in kana da shi.

Ka fara da tambayoyi don sun fi sauƙi. Dokar ita ce ka amsa tambayar da cikakkiyar jimla da *he* ko *him*. *___ broke the window?* Amsa *he broke it*, saboda haka *who*. *___ did you invite?* Amsa *I invited him*, saboda haka *whom*. Ko da mace ake nufi ka ce su yi gwajin da *he* da *him*, saboda *m* ɗin ne ke tuna musu. Kuma ka hana su amsa da kalma ɗaya, in ka bari yaro zai ce *him* ga kowace tambaya, sai cikakkiyar jimla ce take tona matsayin.

Sai kuma inda aikin yake, wato tsakiyar jimla, inda Hausa take cewa "wanda" ko "da". A nan Hausa ta yi mana rana sosai in mun lura. Muna cewa "mutumin da ya zo", muna kuma cewa "mutumin da na gaya masa", "yarinyar da na tafi da ita". Ka ga "da" bai canza ba, amma mun bar wani ɗan wakilin suna a baya, "ya" ko "masa" ko "ita", shi yake nuna aikin mutumin. Turanci ba ya barin wannan, gurbi yake bari fanko, sai ya ɗora alamar a kan *who* ko *whom*. To aikin ɗalibi shi ne ya nemo gurbin ya mayar da abin da Hausa za ta bari a wurin. Ga yadda nake sa su yi, abu uku a jere. Su yanke jimlar daga inda za a sa *who* ko *whom* zuwa ƙarshen wannan ɓangaren, su manta da farkon. Su karanta guntun su ji inda aka rasa mutum. Su cusa *he* ko *him* a wurin.

Misali: *This is the driver ___ my father employed.* Guntun shi ne *my father employed*, an ɗauki wa aiki, akwai rami a ƙarshe, *my father employed him*, amsa *whom*. Na biyu: *This is the driver ___ took us to Zaria.* Guntun *took us to Zaria*, ramin a farko yake, *he took us*, amsa *who*. Ka lura *the driver* bai canza ba a duka biyun, shi ya sa nake cewa su manta da farkon jimla, masu faɗuwa yawanci baya suke kallo maimakon gaba.

Ka kuma gargaɗe su kada su bar *him* ɗin a cikin amsar ƙarshe. Wannan kuskuren namu ne na Hausawa musamman, *the man whom I told him*, fassarar "mutumin da na gaya masa" ce kai tsaye. *Him* tsani ne, in an hau sai a janye shi.

Akwai wuri guda da ba sai an yi gwaji ba: in harafin jarri yana manne a gaba, *to whom, with whom, for whom, one of whom, most of whom*. Ba a cewa *to who* a rubutu, kamar yadda ba a cewa *to he*. Duk wanda ya taɓa karɓar takardar shaida ya ga *To whom it may concern* a samanta, ka kawo ɗaya aji su gani da idonsu.

Tarkon da ya fi kama masu ƙoƙari

Wannan ina ba shi darasi guda cur shi kaɗai, domin irinsa masu shirya tambayoyin zaɓi suke so. Duba jimlar nan:

*That is the boy ___ I think stole the goat.*

Kusan duk aji za su ce *whom*, har da na gaba-gaba, kuma in ka tambaye su dalili za su ce ai *I* ya biyo baya kamar yadda *my father* ya biyo baya a misalin direba, wato sun ƙirƙiro wa kansu wata gajeriyar hanya, in suna ko wakilin suna ya biyo baya sai a sa *whom*. To mu bi matakan mu gani. Guntun shi ne *I think stole the goat*. Ina ramin? Ba bayan *goat* ba ne, ba a ce *stole the goat him* ba. Ramin yana gaban *stole*, wa ya sata, *I think he stole the goat*. *He* ne, saboda haka *who*. Abin da ya rikita su shi ne *I think* da aka cusa a tsakiya, kuma 'yan'uwansa su ne *I believe, we know, they say, she claims*. Ina sa su ƙirga aikatau, a nan akwai biyu, *think* da *stole*, kowanne yana buƙatar mai yinsa, *think* ya samu *I*, *stole* fa? Ba shi da kowa sai *who*.

Amma kada ka ce musu duk inda aka ga *I think* to *who* ne, don wannan ma wata haddar ce za ta kai su ta baro. Ka ba su kishiyar nan take: *That is the boy ___ I think the police arrested.* Cusa mu gani, *I think the police arrested him*, a nan *whom* ne daidai, ga *I think* ɗin nan daram a wurinsa. Ka bar jimlolin biyun a allo gefe da gefe har a tashi.

Haka *whoever* yake. *Give the prize to ___ comes first.* Yaro zai ga *to* ya yi tsalle ya ce *whomever*, tunda yanzu muka ce bayan *to* sai layin ƙasa. Sai dai *to* a nan ba kalma ɗaya take ja ba, duk guntun take ja, a cikin guntun kuma *comes* yana neman mai zuwa, *he comes first*, don haka *whoever*. In ajin bai yi ƙarfi ba ka ajiye wannan sai SS3.

Yadda za ka san sun gane, da abin da za ka ce game da magana

Kar ka auna su da cike gurbi kawai, rabin amsa canki-canka ne tunda zaɓi biyu ne. Ni jimla goma nake bayarwa, in ce kowace amsa a rubuta jimlar gwajin a gefenta, maki ɗaya na amsa, maki ɗaya na gwaji. Wanda ya rubuta *whom* daidai amma ya kasa rubuta *my father employed him* to bai gane ba, sa'a ya ci. A cikin goman ina sa huɗu na *I* da *me*, biyu aikau biyu karɓau, huɗu na *who* da *whom* masu sauƙi, biyu masu *I think*, ɗaya ta kowane gefe. Alamar cewa darasin ya karkace ita ce in ka ga *whom* ya fara yawa a insha'insu, irin su *the woman whom sells rice*, wannan yana nufin sun ɗauki *whom* a matsayin *who* na 'yan gayu, ciwon *you and I* ne ya dawo da sabuwar fuska, sai ka koma kan *he* da *him* na kwana biyu.

Dole wani zai ɗaga hannu ya ce Malam ai a fim muna jin *who did you see* da *who are you talking to*. Kar ka ce masa Turawan kuskure suka yi, ba kuskure ba ne, a hira ta yau da kullum *who* ya kusa cinye *whom* a farkon tambaya, kamar yadda *it's me* ya kori *it is I*, in ka ce wa abokinka *whom did you see* a bakin shago zai ji ka wani iri. Abin da nake gaya musu shi ne a baki *who* ya wadatar sai dai in harafin jarri na manne a gabansa, a takardar jarrabawa da wasiƙar ofis kuma a yi gwajin *him*. In kuma kana tsakiyar rubuta insha'i lokaci na tafiya ka rasa wanne ne, sau da yawa inda *whom* zai shiga ana iya cire shi gaba ɗaya jimlar ta tsaya da ƙafarta, *this is the driver my father employed* daidai ne ba mai rage maka maki, amma a *the driver who took us to Zaria* in ka cire *who* jimlar ta rushe, to wannan rushewar ma ta gaya maka cewa *who* ne wurin.